Fashin baƙi: Me ya sa ma'aikatan asibiti ke tsorata idan mai haki ya yi shiru?

Duk shekara idan hunturu ya shigo, hazo ya rufe gari daga Kano har Damagaram, ɗakunan karɓar marasa lafiya na gaggawa kan cika da masu sarƙewar numfashi: masu asma, yara masu limoniya, tsofaffi masu ciwon zuciya. A nan ake yawan samun saɓani tsakanin 'yan jinya da ma'aikata. Mutum ya kwana yana haki, ƙirji na ta kuka, can wajen asuba sai ya lafa, kukan ya ragu, har ya fara gyangyaɗi. 'Yan'uwa su ce alhamdu lillahi, sauƙi ya samu. Nas ta leƙo ta dube shi, sai ta fita da sauri kiran likita. Ga kuma ɗan abin auna oksijin ɗin jini da aka maƙala masa a yatsa yana nuna 94, lambar da ba ta da ban tsoro. To me ta gani wanda dangi ba su gani ba?

Abin da ta gani shi ne mutumin da ƙarfinsa ya kusa ƙarewa. Numfashi aiki ne na tsoka, tsoka kuwa tana da iyakar abin da za ta ɗauka. Da yawa daga waɗanda ciwon ƙirji ke kashewa, ba huhun ne ke fara tsayawa ba, mai jan huhun ne ke kasawa.

Wa ke yin aikin numfashi?

Huhu ba ya jan iska da kansa, jan sa ake yi. Babbar mai wannan aiki ita ce faffaɗar tsokar da ta raba ƙirji da ciki, wadda likitoci ke kira dayafram. Idan tana hutawa a tanƙware take, ta kumbura sama zuwa cikin ƙirji. Idan ta tsuke sai ta sauko, ƙirji ya yi faɗi, iska ta shigo ta cike gurbin. Saukowar nan ce ke tura kayan ciki gaba, shi ya sa cikin mai lafiya ke tasowa duk lokacin da ya ja numfashi. A riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

A zaune lafiya, dayafram ba ta sauka fiye da santimita 1 zuwa 2, iskar da ke shiga kuma wajen rabin lita ce, sau 12 zuwa 20 a minti. Fitar da iska kyauta ce: tsokar ta saki, huhu ya koma yadda yake, iska ta fita. Duk wannan hidima ba ta cin fiye da kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na oksijin ɗin da jiki ke amfani da shi, shi ya sa ba ma ko lura da ita. Idan ciwo ya tsananta, kason kan haura kashi 25 cikin 100. Tsokokin numfashi su koma suna cinye kaso mai tsoka na abin da suka sha wahalar jawowa.

Nauyin da ke kan tsokar iri biyu ne, kuma wanda ya taɓa tsayawa a maƙera zai gane su. Yaron da ke zuga wuta zai iya gajiya don fatar zugazugin ta bushe ta yi tauri, ba ta buɗuwa sai da ƙarfi. Zai kuma iya gajiya don bakin da iska ke bi ya toshe, fatar lafiya lau amma iskar ba ta wucewa. Na farko shi ne taurin huhu, na biyu tsukewar hanyar iska. Kowanne da irin hakin da yake jawowa.

Idan huhu ya yi tauri

Ana auna ƙarfin jan numfashi da tsawon ruwan da jan zai iya ɗagawa a cikin siririn bututu. Ga mai lafiya, jan santimita 1 na ruwa yana shigar da iska wajen mililita 100, don haka santimita 5 sun ishe shi ya cika rabin litarsa. Idan limoniya ta cika wani sashe na huhu da ruwa da mugunya, ko zuciya ta gaza ruwa ya taru a huhu (kamar yadda ake gani wurin wasu masu jego a ƙasar Hausa, inda ciwon zuciyar bayan haihuwa ya yi yawa), ko tarin fuka ya bar tabo, sai santimita 1 ya koma shigar da mililita 30 kawai. Rabin litar nan yanzu sai da jan kusan santimita 17. Aikin ya ninka fiye da sau uku, a kowane numfashi, dare da rana.

Jiki ba ya yarda ya biya wannan farashi. Sai ya rage zurfin numfashi ya ƙara yawansa, domin ƙarshen kowane ja shi ne mafi tsada. Wannan ne numfashi sama-sama da ake gani wurin mai limoniya. Dabara ce, amma tana da asara a ɓoye. A kowane numfashi, wajen mililita 150 na iska ba sa isa inda jini yake, a maƙogwaro da manyan hanyoyi suke tsayawa su sake fita yadda suka shiga. Mai lafiya da ke jan mililita 500 sau 14 a minti, 350 ne ke amfanarsa kowane karo, jimla lita 4.9. Mara lafiya da ke jan mililita 250 sau 32, ya motsa iska lita 8, ya fi mai lafiyar da ya motsa lita 7. Amma 100 kacal ke isa ciki a kowane karo, jimla lita 3.2. Ya fi wahala, ya fi ƙarancin riba. Idan zurfin ya ƙara raguwa zuwa 200, ko da ya kai sau 40 a minti, lita 2 ce rabonsa.

Idan hanya ta tsuke

Nan lissafin ya fi muni. Wahalar wucewar iska a bututu ba ta bin raguwar faɗinsa daidai da daidai. Idan faɗin ya ragu da rabi, wahalar ba ninki biyu take yi ba, ninki 16 take yi. Wannan ne ya sa kumburin da babba zai ɗauka a matsayin mura yake iya shaƙe jariri. Maƙogwaron jariri faɗinsa wajen milimita 4 ne. Kumburin milimita 1 a kewaye ya mayar da shi 2, wahala ta ninka 16. Na babba mai milimita 8 zai koma 6, wahala ta ninka wajen uku kawai. Iyayen da suka ga mashaƙo a lokacin da ya ɓarke a Kano a 2023 sun ga yadda tsukewar maƙogwaro ke yi wa yaro.

A asma, ƙananan hanyoyin da ke can cikin huhu ne ke tsukewa: tsokar bangonsu ta matse, bangon ya kumbura, majina mai yauƙi ta cike saura. Waɗannan hanyoyi suna ɗan buɗewa idan an ja iska, su ƙara matsewa idan ana fitarwa. Saboda haka iska ta fi samun shiga a kan fita, kuma a nan tarkon yake.

Mai numfashi sau 15 a minti yana da daƙiƙa 4 ga kowane numfashi, wajen ɗaya da rabi na shiga, biyu da rabi na fita. Mai asma da tsoro ya kama, yana yin sau 30, daƙiƙa 2 ke gare shi gaba ɗaya, ɗaya da 'yan kai ce ta fitarwa, alhali hanyarsa tana bukatar lokaci fiye da na mai lafiya. Kafin ya gama fitar da wannan, jiki ya matsa masa ya ja wani. Kowane karo ana barin saura, huhu ya yi ta kumbura.

Kumburin nan yana cutar da tsoka ta fuska uku. Huhun da ya riga ya cika ya fi wuyar ƙara buɗewa, don haka taurin da muka yi magana a kansa ya zo ya haɗu da tsukewa. Iskar da ta maƙale tana da matsi, sai tsoka ta fara kashe wannan matsin tukuna kafin sabuwar iska ta fara shiga, wato tana aiki na ɗan lokaci babu abin da ke shigowa. Mafi muni, huhun da ya kumbura yana danne dayafram ƙasa, tanƙwarar nan tata ta baje. Tsokar da ta riga ta sauko ba ta da sauran inda za ta sauka, ƙarfin janta ya ragu a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Shi ya sa mai asma ko tsohon mashayin taba ke zama ya dafa gwiwoyi da hannu biyu, ya ɗaga kafaɗa, ya tsuke baki yana fitar da iska a hankali. Ba wanda ya koya masa. Dafa gwiwa yana kafe kafaɗu don tsokokin wuya da ƙirji su samu abin ja, tsuke baki kuma yana hana ƙananan hanyoyin rufewa da wuri. Kada a ce masa ya kwanta ya huta.

Ina iyakar take?

An auna ta. A 1977, Charis Roussos da Peter Macklem a Montreal sun sa masu lafiya numfashi ta matsattsen bututu, suka gano cewa idan kowane ja ya wuce kashi 40 cikin 100 na iyakar ƙarfin dayafram, mutum ba zai iya ci gaba da shi ba, sai ya kasa. A 1982, Bellemare da Grassino suka ƙara lokaci a cikin lissafin: a ɗauki kason ƙarfin da ake amfani da shi, a ninka da kason lokacin da tsokar ke a tsuke. Idan sakamakon ya wuce 0.15, gajiya na tafe.

Ga yadda yake a aikace. Mai lafiya yana amfani da ƙasa da kashi 10 na ƙarfinsa, tsokar kuma tana aiki wajen kashi 40 na lokaci, sakamako bai kai 0.04 ba. Mai asman da ke bukatar jan santimita 30, wanda bajewar dayafram ta rage masa iyakar ƙarfi zuwa 70, yana amfani da kashi 43. A ninka da kashi 40 na lokaci, a samu 0.17. Ya riga ya tsallake layi, saura a ga awa nawa zai jure.

Lokaci ya shigo lissafi ne saboda tsoka tana matse jijiyoyin jinin da ke cikinta idan ta tsuke da ƙarfi, sai ta saki jini ke ratsa ta sosai. Numfashi da sauri da ƙarfi yana rage mata wannan tazara. Ga kuma jinin kansa oksijin ya ragu a cikinsa. Idan aka ƙara ƙarancin jini, ko tamowa, ko zazzaɓi, ko gudawar da ta zubar da sinadarin fotashiyam, layin yana matsowa kusa. Wannan ne ya sa yaro mai tamowa kan kasa a kan limoniyar da ɗan'uwansa mai ƙoshi zai jure.

Alamomin, bi da bi

A ɗauki misalin magidanci ɗan shekara 35 mai asma, wanda ƙura ta tayar masa da ciwo bayan isha'i. Ƙarfe goma na dare yana numfashi sau 26 a minti, bugun zuciya 112, ƙirji na fito har daga bakin ƙofa ana ji. Yana magana amma sai ya tsaya tsakiyar zance ya ja iska. Wannan kaɗai ya isa a kira shi tashi mai tsanani: numfashi 25 ko fiye, bugun zuciya 110 ko fiye, da kasa ƙarasa jimla a numfashi ɗaya. Amma har yanzu da ƙarfinsa. Da za a auna jininsa, iskar kabon dayoksaid da jiki ke fitarwa za ta nuna wajen 30, ƙasa da 35 zuwa 45 na mai lafiya, domin yana fitar da ita fiye da kima.

Ƙarfe ɗaya, numfashi ya kai 34 kuma ya rage zurfi. Tsokokin wuyansa biyu, waɗanda suka sauko daga bayan kunne zuwa ƙashin wuya, suna miƙewa da kowane ja, ramin da ke ƙasan maƙogwaro yana lotsawa. Gumi ya jiƙa shi duk da sanyin hunturu. Matarsa ta ce, "Maigida, in kawo maka ruwa?" Ya ce, "A'a." Ya ja iska. "Bari." Zance ya koma kalma ɗaya-ɗaya. A ganina wannan awo na magana ya fi kowane sauƙi ga na gida, domin ba ya bukatar agogo ko na'ura.

Ƙarfe uku ne ake ganin alamar da ta fi muhimmanci, kuma sai an ɗaga riga. A jingina shi kaɗan, a sa hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a kan cibiya. Ga mai lafiya hannayen biyu tare suke tasowa. Wurinsa kuwa ƙirji na tashi ciki na faɗawa. Dalili shi ne dayafram ta daina ja, tsokokin wuya da haƙarƙari ke aikin, ita kuma ana tsotse ta sama kamar ba tsoka ba. Wani lokaci kuma sai a ga numfashi kaɗan da ciki, kaɗan da ƙirji, suna karɓa-karɓa. Da za a sake auna jini yanzu, kabon dayoksaid ta dawo 41. A takarda lambar mai lafiya ce, amma likita ya san wanda ke haki haka bai kamata ya nuna 41 ba sai in iskar da ke isa ciki ta ragu.

Asuba, fiton ya ɗauke. Kukan ƙirji sai da iska mai gudu yake samuwa, yanzu iskar da ke motsi ba ta kai ta yi ƙara ba. Numfashi ya sauko 18, ba don sauƙi ba. Kabon dayoksaid da ta taru tana sa ciwon kai, ruɗewa da barci. Abin da nas ta gani ke nan. Bambance shi da sauƙi na gaske ba wuya: wanda ya samu sauƙi wuyansa ya saki, cikinsa na tasowa, gumi ya bushe, idan an tashe shi zai farka ya yi cikakkiyar magana. Wanda ya gaji da ƙyar yake buɗe ido, amsarsa ba kan gado.

Yara ba sa ba da dogon lokaci

Abin da ya ɗauki magidancin nan dare guda, jariri zai iya yin sa cikin awa biyu ko uku. Zaren tsoka mai juriya ya kai wajen rabin dayafram ɗin babba, na jariri wajen kashi ɗaya cikin huɗu, na bakwaini bai ma kai haka ba. Haƙarƙarinsa kuma guringuntsi ne mai laushi, idan ya ja da ƙarfi sai ƙirjin ya lotsa ciki maimakon huhu ya buɗe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'aunin da ma'aikatan ƙananan asibitoci ke bi. Numfashi ya yi sauri idan ya kai 60 a minti ga jaririn da bai kai wata 2 ba, 50 ga ɗan wata 2 zuwa shekara 1, 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5. A ƙirga minti cikakke, yaro ba ya kuka, riga a ɗage, domin numfashin jariri ba ya tafiya bai ɗaya, ƙirgen daƙiƙa 15 yana yaudara. A duba ƙasan ƙirji, inda haƙarƙari ya ƙare, ko yana faɗawa ciki lokacin jan iska. A duba hanci ko yana buɗewa, da kai ko yana kaɗawa gaba da kowane numfashi. Nishin nan gajere da jariri ke yi a ƙarshen fitar da iska ba rigima ba ce, yana toshe maƙogwaro ne don ya hana huhunsa rufewa. Idan ya kama nono ya saki, ya kama ya saki, daidai yake da babban da ya koma kalma ɗaya-ɗaya. Wanda ya fara ɗauke numfashi na ɗan lokaci kuwa ya kai ƙarshe, ba a jiran gari ya waye.

Gajiya ce ko nauyi ne ya yi yawa?

Masana ba su haɗu a kan suna ba. Tsohon ra'ayi shi ne faɗawar ciki alama ce tsokar ta gaji. Martin Tobin da abokan aikinsa sun nuna tun a 1987 cewa mai lafiya ma cikinsa kan yi haka da zarar an ɗora masa nauyi, tun kafin wata gajiya, ya kuma daina da zarar an sauke. Wasu na ganin ƙwaƙwalwa ce ke rage umarni don ta kare tsokar kafin ta lalace. Gardamar tana da amfani ga masu kula da injin taimakon numfashi, domin gajiya ta gaske kan ɗauki yini da kwana ko fiye kafin ta warware. Ga ɗan jinya kuwa hukuncin ɗaya ne: nauyi ya fi ƙarfin mai ɗauka, kuma ba zai sauka da kansa ba.

Oksijin da lambar da ke kan yatsa

Lambar da na'ura ke nunawa a ƙarƙashin SpO2 oksijin kawai take aunawa. Ba ta san kabon dayoksaid ba, ba ta san wahalar da aka sha kafin a samu lambar ba. Idan an sa wa mutum oksijin, za ta iya tsayawa a 94 yana kan kasawa. Wani bincike a Jami'ar Michigan a 2020 ya kuma nuna na'urar ta fi yawan ba da lamba sama da gaskiya a kan baƙar fata. Jiran leɓe ya yi shuɗi ma ba dabara ba ce: a fatarmu sai an duba harshe, kuma mai ƙarancin jini zai iya kaiwa gargara bai canza launi ba.

Oksijin wajibi ne idan lambar ta yi ƙasa da 90, amma ba ya buɗe hanya, ba ya tausasa huhu. Sauke nauyi sai an bi dalilinsa. Mai asma salbutamol yake bukata ta inhela ko nebulaiza, na'urar da ke mayar da magani kamar tururi a shaƙa, tare da maganin rage kumburi irin firednisolon. Wanda ke haki ba ya iya daidaita fesawa da shaƙa, shi ya sa ake sa mazubi tsakanin inhela da baki, kuma an gwada a Afirka ta Kudu cewa gorar roba mai rabin lita da aka huda gindinta tana yin wannan aiki. Mai ruwa a huhu maganin ƙara fitsari ne ke sauke masa. Yaro mai limoniya, bayan maganin ƙwayoyin cuta, na'urar CPAP da ke tura iska da ɗan matsi ta hanci tana riƙe masa huhu a buɗe, ta yi masa abin da yake nema da nishinsa.

Kuskuren da ya fi kisa a gida shi ne ba mai haki maganin barci don ya huta. Diyazefam, kodin da taramadol duk suna rage umarnin da ƙwaƙwalwa ke ba tsokokin numfashi, a lokacin da wannan umarni ne kaɗai ke riƙe da shi. Haka ɗura wa yaro mai haki ruwa ko jiƙo a kwance, domin wanda ke numfashi sau 60 a minti ba shi da tazarar haɗiya, abin cikin huhu yake wucewa. A ɗauke shi a zaune ko a jingine, a saki duk abin da ya ɗaure masa ciki, in an isa asibiti kuma a faɗa wa nas adadin numfashin da aka ƙirga a gida, ƙarfe nawa aka ƙirga, da lokacin da ya daina magana ko shan nono.